Wasiƙar Shugabar Ɗakin Gwaji: Ku Kula da Madauki

Shugabar wani ɗakin gwaje-gwaje ta rubuta wa sababbin ɗalibanta wasiƙa, rabinta a kan madaukin waya da ake ɗibar ƙwayoyin cuta da shi. Ta ce a ƙona shi har ya yi ja wur, sannan a dakata ya huce, domin da zafinsa yana kashe ƙwayoyin da ake son shukawa. Kada a ajiye murfin faranti a kan teburi, kada a yi magana faranti yana buɗe.

Ta kuma umarce su da ajiye faranti guda da ba a shuka masa komai ba, a ɗumin digiri 37 tare da sauran. Idan washegari wani abu ya tsiro a kansa, gurɓata ta shiga, sai a sake aikin.