Inji Mai Shekara Uku da Mai Shekara Shida: Yadda Ake Gano Wanda Ya Fi Riba

Duk wanda zai sayi injin sana'a yakan tarar da iri biyu a shago. Akwai mai araha wanda ba ya jimawa, akwai kuma mai tsada wanda zai daɗe yana aiki. Dillali zai ce maka araha ba ta ado, ka ɗauki mai ƙwari. Abokin sana'a kuma zai ce kada ka binne jarinka a cikin ƙarfe. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma babu wanda ya yi lissafi a cikinsu. Abin da ke rikita lissafin shi ne injunan ba tsawon rayuwa ɗaya gare su ba, don haka ba a ɗora jimillar ribar wannan a kan ta wancan kai tsaye. Masana harkar kuɗi suna da hanyar warware wannan, wadda littattafansu ke taƙaitawa da EAA. A nan za mu kira ta daidaitaccen kason shekara.

Mu ɗauki misali. Alkaluman na koyarwa ne, ba farashin kasuwa ba. Mai niƙa yana son sabon inji. Na farko kuɗinsa naira 1,000,000, zai yi shekara uku, kuma kowace shekara zai bar masa naira 700,000 bayan an cire kuɗin dizal, baƙin mai, bel, gyaran faranti da ladan yaron da ke tsaye a kansa. Na biyu kuɗinsa naira 1,800,000, zai yi shekara shida, kuma yana barin naira 720,000 a shekara don bai cika zuwa wurin makanike ba. Mu ɗauka cewa idan sun mutu ba za a samu komai daga gawarsu ba.

Yawancin mutane raba kuɗin inji suke yi da shekarunsa. Na farko ya tashi a kan 333,333 a shekara, na biyu a kan 300,000. In aka cire daga abin da suke samarwa, na farko ya bar 366,667, na biyu ya bar 420,000. Sai a ce mai tsada ya ci. Kuskuren da ke nan shi ne an ɗauki nairar da za ta shigo bayan shekara shida daidai da wadda ke aljihu yau, alhali ƙarin 800,000 ɗin da aka biya yau da sun iya zama buhunan masara, ko jarin wani ciniki da ke juyawa.

Saboda haka matakin farko shi ne mai niƙa ya tambayi kansa: in ban sa kuɗin nan a inji ba, nawa za su kawo mini a shekara a wata harka mai irin wannan haɗari? Mu ce amsarsa kashi 20 cikin ɗari. Wasu kan ji an ambaci kaso a shekara su ɗauka maganar kuɗin ruwa ake yi. Ba lallai ba ne. Ko wanda bai taɓa cin bashi ba yana da wannan adadin, domin ribar da ya haƙura da ita ce a wani wurin.

Da kashi 20, naira 120 ta baɗi daidai take da naira 100 ta bana. Don dawo da kuɗin baɗi zuwa yau sai a raba su da 1.2, na shekara ta biyu a raba sau biyu, na ta uku sau uku. Ga injin farko, 700,000 ta shekarar farko ta zama 583,333, ta biyu ta zama 486,111, ta uku 405,093. Jimilla 1,474,537. A cire miliyan ɗayan da aka saye shi, saura 474,537. Wannan ita ce tsabar ribarsa a darajar yau, wadda ake rubutawa NPV. In aka bi wannan hanyar ga inji na biyu har shekara shida, abin da zai samar ya kama 2,394,367, tsabar ribarsa kuma 594,367.

Nan ma mai tsada ne a gaba, kuma nan ne masu ilimin boko da yawa ke tsayawa su yanke hukunci. Sai dai an manta da abu guda. Ribar inji na biyu ta shekara shida ce, ta na farko kuwa ta shekara uku. Ranar da injin farko ya mutu, mai niƙa ba rufe shago zai yi ya koma gida ba. Wani zai saya ya ci gaba, kuma shekaru ukun nan na baya su ma suna da ribarsu, wadda ba a ƙirga ba.

Daidaitaccen kason shekara yana maganin wannan ta hanyar sauya tambayar. Maimakon a ce nawa inji zai kawo a duk rayuwarsa, sai a ce: wane adadi ne guda, wanda in ana ba ka shi ƙarshen kowace shekara har injin ya mutu, darajarsa a yau za ta yi daidai da tsabar ribar nan? Kamar dai kana mayar da injin gidan haya ne, kana tambayar nawa ne hayarsa a shekara. Da zarar kowane inji ya koma adadin shekara ɗaya, bambancin tsawon rai ya daina hana kwatanci.

Yadda ake fitar da shi ba wuya. Ana neman darajar yau ta naira ɗaya da za a riƙa karɓa kowace shekara. Da kashi 20, ta shekara uku ita ce 0.8333 da 0.6944 da 0.5787, jimilla 2.1065. Ta shekara shida kuwa 3.3255 ce. A lura cewa ninka shekaru bai ninka wannan adadi ba, domin shekarun nesa ba su da nauyi sosai. Sai a raba tsabar ribar kowane inji da adadinsa. A rubuce, inda r yake kason riba, n kuma yawan shekaru:

```
EAA = NPV × r / (1 − (1 + r)^−n)
```

Injin farko ya ba da kimanin naira 225,275 a shekara. Na biyu ya ba da kimanin 178,730. Sakamako ya juye, mai araha ya fi da kusan naira 46,500 kowace shekara. Mai Excel a kwamfuta ko a waya zai samu amsar injin farko da layi biyu:

```
=NPV(0.2,700000,700000,700000)-1000000
=PMT(0.2,3,-474537)
```

Wanda bai gamsu ba yana iya gwadawa ta doguwar hanya. Ya ɗauka an sayi injin farko sau biyu a jere, don a cika shekara shida. Na farkon ya kawo 474,537. Na biyun zai kawo irin wannan, amma daga ƙarshen shekara ta uku, don haka a yau darajarsa 274,616 ce. In an haɗa, 749,153 ke nan, sama da 594,367 ta mai tsada. Amsa ɗaya ce. Amfanin kason shekara shi ne yana hutar da kai in shekarun ba su shiga juna ba. Inji mai shekara biyar da mai shekara bakwai sai an jera su har shekara 35 kafin su ƙare tare.

To amma kada wani ya tashi da cewa mai araha ne kullum gwani. Amsar ta rataya a kan kashi 20 ɗin nan. In kuɗin mai niƙa ba su da wurin zuwa da ya wuce kashi 10, injin farko zai ba da kimanin 297,885, na biyu kuma 306,707, sai mai tsada ya dawo gaba. Wurin da suke yin kunnen doki yana ƙasa kaɗan da kashi 12. Dalilin a fili yake: wanda kuɗinsa ke haihuwa da sauri yana asara babba in ya kulle su a ƙarfe, wanda nasa ke kwance kuwa ba ya rasa abin kirki. Shi ya sa maƙwabta biyu masu sana'a ɗaya za su iya zaɓar injuna daban, kuma kowa ya yi daidai.

Babban raunin hanyar, a ganina, shi ne wani zato da take yi ba tare da ta faɗa ba: cewa bayan shekara uku za a sake samun irin wannan inji a kan miliyan ɗaya. Wanda ya sayi kayan da ake shigowa da su daga waje a Najeriya kafin watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, ya san yadda wannan zato ke rushewa. A 2024 hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 30 cikin ɗari. Misalinmu ma yana nuna iyakar abin. Ratar da ke tsakanin injunan a shekara shida ita ce 154,786 a kuɗin yau, wato kimanin 267,000 a kuɗin shekara ta uku. Ma'ana, in inji na maye gurbi ya wuce naira 1,267,000 alhali kuɗin niƙa bai motsa ba, mai araha ya faɗi. Ƙarin kashi 27 ne kacal cikin shekara uku.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a gauraya awo biyu. In an rubuta kuɗin shiga da farashin yau ba tare da ƙara musu hauhawa ba, to kason ribar ma sai a cire masa hauhawa, a yi amfani da ribar gaske. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar kuɗin niƙa a tsaye shekara shida, sannan a ɗauko babban kason da bankuna ke caji, wanda hauhawa ke cikinsa, a ɗora. Wannan yana danne shekarun nesa fiye da ƙima, kuma kullum injin mai dogon rai ne yake cutuwa. Alamar an yi wannan kuskure ita ce ka ga duk wani abu mai ƙarko yana faɗuwa a lissafinka, komai kyansa.

Sai batun shekarun kansu, wanda galibi daga bakin dillali ake jin su. Gajeren rai ba ya jure kuskure. In injin farko ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ya kwanta a ƙarshen shekara ta biyu maimakon ta uku, kasonsa zai sauko daga 225,275 zuwa kimanin 45,455. Gara a tambayi makaniken da ke kwance irin injin, shi ya san wanda zobbansa ke saurin cinyewa da wanda kayan gyaransa suka ɓace a kasuwa. In kuma injin zai sayu bayan ya tsufa, ko da a hannun 'yan gwangwan ne, sai a dawo da wannan kuɗin zuwa darajar yau a ƙara a kan tsabar ribar kafin a raba.

Akwai kuma inda hanyar ba ta da hurumi. In mai niƙa ya san ba zai sake sayen wani inji ba, wataƙila zai bar sana'ar da zarar wanda ya saya ya mutu, to babu maye gurbin da za a lissafa, tsabar riba kaɗai za a duba, kuma a misalinmu mai tsada ne ya ci. In kuwa injunan aiki iri ɗaya suke yi ba tare da kawo kuɗi kai tsaye ba, kamar janareto biyu masu ƙarfi ɗaya a asibiti ko makaranta, sai a bar batun riba. A tara kuɗin saye da na mai da na gyara a darajar yau, a raba da adadin shekarun nan kamar yadda aka yi a sama, a ɗauki wanda kasonsa ya fi ƙanƙanta.