Tikitin jirgin sama na jariri: ranar cika shekara biyu ce ke sauya farashi

Iyaye da dama na zaton jaririn da za a riƙe a cinya ba ya buƙatar tikiti. A jirgin sama ba haka abin yake ba. Ko ɗan wata uku ne, sai an yanka masa tikiti da sunansa da ranar haihuwarsa, kamar yadda suke a fasfonsa.

Kamfanonin jiragen sama na kiran yaro jariri ne idan bai cika shekara 2 ba. Ba shi da kujera, don haka a tafiyar ƙasashen waje galibi ana biya masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, da wani ɓangare na haraji. Daga shekara 2 zuwa 11 dole ya samu kujerarsa, kuma kamfanoni da yawa na karɓar kimanin kashi 75 cikin 100. Daga shekara 12 kuɗin babba ne.

Sai dai ragin ba ya taɓa dukan kuɗin da ke kan tikiti. A ɗauki misalin uwar da za ta tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Abijan ta dawo. A ce ainihin kuɗin tikitinta jika 400 ne na CFA, haraji kuma jika 150, jimilla jika 550. Jaririnta zai biya jika 40 da ɗan haraji. Yayansa mai shekara 5 kuwa zai biya jika 300, a ɗora kusan dukan harajin, ya tashi wajen jika 450. Wannan ya yi nisa da “rabin kuɗi” da ake yawan faɗa.

Inda aka fi shiga matsala shi ne lissafin shekaru. Ranar tashin jirgi ake dubawa, ba ranar sayen tikiti ba, kuma har da ta dawowa. Idan uwar ta tafi ranar 1 ga Maris za ta dawo ranar 30, jaririn kuma ya cika shekara 2 ranar 15, to a dawowa ba a yarda a riƙe shi a cinya ba. Wasu kamfanoni na cajin kuɗin yaro a dawowar kaɗai, wasu a tafiyar gaba ɗaya. Gara a nuna wa mai sayar da tikiti ranar haihuwar tun farko, da a je ana neman kujera a jirgin da wataƙila ya riga ya cika.

Babba ɗaya jariri ɗaya yake riƙewa. Mai tagwaye da ke tafiya ita kaɗai sai ta saya wa na biyun kujera a kuɗin yaro. Kafin a bar ofishin, a duba tikitin: `INF` na nufin jariri, `CHD` kuma yaro mai kujera.