Littafi Ya Ce Akwai, Banki Ya Ce Babu: Yadda Ake Gano Inda Kuɗi Ya Maƙale

Ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta banki yana da lissafi biyu, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗaya shi ne wanda akawunsa ke rubutawa a littafin shiga da fita, ɗayan kuwa banki ke rubuta shi, ya miƙo masa a takardar bayanan asusu, wadda 'yan kasuwa suka fi sani da sitatimen. Da wuya ka ga waɗannan biyun sun tashi daidai a ƙarshen wata, kuma wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Abin tsoro shi ne giɓin da aka kasa faɗin dalilinsa, domin a cikinsa ne kuɗin da bai shigo ba da kuɗin da ya fita sau biyu suke ɓuya.

A ɗauka wani shagon sari ne na shinkafa da man girki a kasuwar Singa ta Kano. Ranar 31 ga Maris littafin shago ya nuna akwai naira 2,486,000 a asusu. Sitatimen kuma ya ce 2,024,500. Giɓin naira 461,500 ke nan. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su bi takardar da yatsa suna neman inda aka cire 461,500, ba za su kuwa same shi ba, domin babu wata mu'amala mai wannan adadi. Abubuwa biyar ne suka haɗu suka haifar da shi, wasu suna ja sama, wasu suna ja ƙasa.

Kafin a taɓa komai sai a dubi ranar 1 ga wata. Idan abin da littafi ya buɗe da shi bai yi daidai da na banki ba, kuma babu bayanin da aka gado daga Fabrairu, to matsalar ta girmi wannan wata, a koma baya. A misalinmu sun buɗe daidai.

Daga nan sai a cire abubuwan da ba kuskure ba ne. Na farko cajin banki, wanda akawu bai rubuta ba don ba shi da rasidinsa. Akwai harajin naira 50 da gwamnati ta ɗora wa kuɗin da aka tura daga naira 10,000 zuwa sama. Akwai kuɗin tiransifa zuwa wani banki, wanda a tsarin da Babban Bankin Nijeriya ya fitar don 2020 yake naira 50 ga abin da ya haura 50,000, idan aka haɗa da harajin kashi 7.5 cikin ɗari ya zama 53.75. Ga kuɗin kula da asusu, ga na saƙon alat. A shagonmu duk sun taru sun kai 6,500. Banki ne da gaskiya a nan, saboda haka littafi ake gyarawa, ya sauko zuwa 2,479,500.

Na biyu kuwa sha'anin lokaci ne kawai. Cinikin yammacin 31 ga wata, naira 150,000, an rubuta shi a littafi amma bai isa asusu ba sai washegari. An kuma ba mai ginin shagon cak na haya, naira 200,000, ranar 28, shi kuma bai kai banki ba tukuna. Waɗannan ba a taɓa su a littafi, domin littafin bai yi ƙarya ba. A gefen takarda ake lissafa su: a ɗauki 2,024,500 na banki, a ƙara 150,000 da ke kan hanya, a cire 200,000 da za su fita, sai a samu 1,974,500. Yanzu giɓin ya koma 505,000. Ka ga ya ƙaru, bai ragu ba. Cak ɗin da ba a kai ba yana rufa wa wata ɓarna asiri ne, kuma wanda ya tsaya a adadin farko ya raina girman abin da ya same shi.

Sauran aikin na alƙalami ne da haƙuri. A shimfiɗa sitatimen da littafi gefe da gefe, a fara da kuɗin da suka fita su kaɗai, sannan a dawo kan waɗanda suka shigo. Duk layin da ya sami abokinsa a ɗaya ɓangaren, a yi masa alama a wurare biyun. Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba shi ne layi ɗaya na banki ga layi ɗaya na littafi, kuma adadi kaɗai bai isa ba, sai suna da kwanan wata sun yarda. Akawun da ya gaji yakan ga 385,000 a sitatimen, ya leƙa littafi ya ga 385,000, ya yi alama; can ƙasa ya sake ganin 385,000, ya tuna ai ya gan shi a littafi, ya sake yin alama. Da haka biya biyu ke wucewa a gaban idon mai nemansa.

Shi ne abin da ya faru a nan. Ranar 12 ga Maris an tura wa dilan man girki 385,000 da ƙarfe 2:14 na rana, aka sake tura masa daidai wannan adadi da 2:21. Littafi sau ɗaya ya rubuta, takardar kaya ma ɗaya ce. Yadda hakan ke faruwa sananne ne ga duk mai tura kuɗi ta waya: intanet ta yi nauyi, manhaja ta yi ta juyawa, alat bai zo ba, dila kuma yana kira yana cewa, "Alhaji, har yanzu ban gani ba, ga mota tana jira." Sai maigida ya sake dannawa.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, a tantance irin biyun da aka yi, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. A fara duba kwanakin da suka biyo baya ko banki ya mayar da ɗayan. Sau da yawa layin mayarwar yana ɗauke da REV ko RVSL a bayaninsa, kuma idan yana nan, babu asarar komai. Idan babu shi, a nemi lambar mu'amala. Yawancin tiransifar nan take tsakanin bankunan Nijeriya ta NIBSS suke bi, kowace kuma tana da lambarta mai alƙaluma 30 da rasidi ke nunawa da sunan Session ID. Lambobi biyu daban na nufin umarni biyu ne suka fita daga shago, kuma kuɗin duka suna hannun dila. Akwai ma wata 'yar shaida da ake yawan tsallakewa: ƙarƙashin kowane 385,000 an ga cajin 53.75 nasa. Idan kuwa lamba ɗaya ce aka cire kuɗi sau biyu a kanta, dila kuma sau ɗaya ya samu, to magana ta koma kan banki, sai a rubuta masa ƙorafi a karɓi lambar shaida. Idan mako biyu ya wuce bai warware ba, ana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

A namu lambobin biyu ne. Banki ba ya shiga asusun wani ya ɗebo maka kuɗi don kawai ka ce ka yi kuskure, galibi sai mai asusun ya amince ko kotu ta ba da umarni. Hanya mafi sauƙi ita ce a tura wa dila rasidan biyu, ya mayar ko ya riƙe a matsayin kafin alƙalami na lodi mai zuwa. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta fitar 385,000 ta biyu a littafi yau, a matsayin bashin da shago ke bin dila.

Saura 120,000. A ɓangaren shiga, layi ɗaya ne ya rage babu alama: wata mai abincin sayarwa, 19 ga Maris, buhunan shinkafa, an rubuta "ta biya". Sitatimen bai san da wannan ba. A ganina nan ne ake yawan yin gaggawar zargi, alhali kuɗi yakan shigo da fuskar da ba a zata ba. Wataƙila ta hannun mai POS ta tura, sai sunansa ya fito maimakon nata. Wataƙila kashi biyu ta yi, 70,000 da 50,000. Wataƙila kuma ɗaya asusun shagon ta tura, ko na yaron shago. Amma da ɗayan biyun farko ne, da an ga layin shiga a sitatimen wanda ba shi da aboki a littafi, ga shi kuwa babu. Aka duba sauran asusun, nan ma babu. Sai a koma kan tambayar da ta fi muhimmanci: da me yaron shago ya dogara ya rubuta "ta biya"? Hoton rasidi ta nuna masa a wayarta. Hoton rasidi ba kuɗi ba ne. Yana iya zama na gaske amma tiransifar ta faɗi kuɗin ya koma mata, yana kuma iya zama na bogi. A ce mata cikin mutunci, "Hajiya, a taimaka mana da lambar nan da ke jikin rasidi, banki zai bi mana sawu." Kafin amsa ta zo, a soke biyan a littafi, a mayar da 120,000 shafin bashi.

Yanzu a cire 385,000 da 120,000 daga 2,479,500, abin da ya rage 1,974,500, daidai da na banki har kobo. Idan da ɗan wani abu ya saura, akantoci suna da dabaru biyu na gado. Giɓin da ya rabu da 9 ba saura yakan nuna an juya alƙaluma, kamar a rubuta 54,000 a madadin 45,000, bambancin 9,000. Idan kuma aka raba giɓin biyu aka sami adadin da ke cikin littafi, to mai yiwuwa an rubuta fita a gurbin shiga.

Sai dai daidaituwar nan tana da iyaka. Da a ce akawun daga alat yake kwafe littafinsa, da ya rubuta 385,000 sau biyu kamar yadda banki ya yi, lissafi ya tashi cif, kuɗin kuma sun tafi ba wanda ya sani. Haka ma idan maigida ya biya takardar kaya ranar Litinin, ɗansa ya sake biyanta ranar Alhamis, kowa ya rubuta nasa. Irin wannan ba ya fitowa sai an kawo shaida ta uku, wato takardun kayan da aka karɓa da lissafin dila na watan. A rubuta lambar takardar kaya a bayanin kowace tiransifa da kuma gefen layinta a littafi, ranar da aka biya a buga mata hatimi. Lamba ɗaya da ta bayyana gaban biya biyu ita za ta tona abin da sitatimen ya yi shiru a kansa.