Kafin a zura mutum cikin ramin kuza, wa ya duba ramin?

Duk wanda ya bi ta Bukuru, Kuru, Bisichi ko Barikin Ladi da sassafe zai ga matasa da diga da shebur da tocila a goshi, sun nufi ramukan loto. Tun da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka tattara, haƙar ta koma hannun ƙananan mahaƙa. A watan Nuwamban 2024 rami ya rufta a ƙaramar hukumar Bassa, mutum 13 suka rasu. Ajali gaskiya ne, amma ganganci ba tawakkali ba ne.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake fara aikin safe. Da isowa sai shugaban rami ya hau rabon aiki: wane ka sauka, wane ka riƙe igiya, wane ka tafi wurin wanki. Ba wanda ya tambayi yadda ramin ya kwana.

Matsalar da ta fi damuna ita ce injin jan ruwa. Rami ya kwana ya tara ruwa, musamman a Yuli da Agusta. Injin fetur ba ya iya tsotso ruwa daga zurfin da ya wuce kamar mita bakwai ko takwas, ramin loto kuwa sau da yawa ya fi haka. Sai a ɗaure injin da igiya, a zura shi ciki, a tayar. Ruwa ya janye, a kashe, nan take a ce wa yaro, "Sauka, rana na yi."

Hayaƙin injin yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Hayaƙin da ido ke gani zai iya washewa, gubar tana nan a ƙasa, domin iska ba ta zagayawa a ƙuntataccen rami. Idan mutum ya shaƙe ta, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Da farko ciwon kai, sai jiri da tashin zuciya, sai ƙafafu su mutu, ya kasa ko kama igiya. Na sama ya kira, shiru. Sai ɗan'uwansa ya faɗa ciki don ceto, shi ma ya kwanta. Haka gawa ɗaya ke zama biyu ko uku.

Wasu na zura kyandir ko fitila, in ba ta mutu ba su ce lafiya lau. Wuta tana mutuwa ne idan iskar numfashi ta yi ƙaranci sosai, amma tana ci sarai a cikin gubar injin da za ta kashe mutum. Na'urar gwada iska ce kawai ke gane ta, 'yar ƙarama ce kamar wayar hannu. Mai ɗaukar nauyin rami da ke sayen fetur da abinci kullum ba shi da hujjar ƙin sayenta.

Dokar ita ce inji da janareta su zauna a sama, nesa da bakin rami, salansa na kallon inda iska ke kaɗawa. A zura famfon lantarki mai nutsewa a ruwa, bayan an duba wayarsa ba ta saɓule ba. In har an tayar da inji a ciki, kada kowa ya sauka sai an hura iska ta tiyo har ƙasa, an kuma gwada.

Igiya ma a bi ta da hannu daga farko zuwa ƙarshe, a murɗa zarenta a leƙa ciki. Inda ta sirance, ko ta yi gashi, ko gari ke zubowa, ta gama aiki. Ƙulli ba gyara ba ne. A girgiza sandunan da ke riƙe da abin naɗe igiyar, sannan a fara zura bokiti cike da ƙasa a jawo, kafin a ɗora mutum.

Sai bango. A haska tocila a nemi sabuwar tsaga, ko ƙasar da ta zubo cikin dare, ko ruwa mai laka da ke tsattsafowa, wanda kan nuna akwai tsohon rami ko kududdufi a kusa. In an ga ɗaya, ranar babu sauka.

Shugaban rami, wannan dubawar a wuyanka take, ba a rabon aiki sai an gama ta. Kai kuma mai sauka, ka tambaya: ina injin ya yi aiki, wa ya duba igiya, wa zai tsaya a baki yana kiranka? A ɗaura maka igiyar ceto a ƙirji, domin in ka yi shiru a jawo ka daga sama ba tare da wani ya bi ka ciki ba. In aka ce tsoro ne, ka amsa cewa tsoro ne, ka ajiye digarka har a duba.