Miƙa Hira Daga Na'ura Zuwa Ma'aikaci: Yaushe, Kuma Da Wane Bayani?

Manhajar hira ita ce tsarin da ke amsa saƙonnin kwastomomi da kanta a WhatsApp, a shafin kamfani ko a layin waya, ba tare da mutum ya sa hannu ba. Bankuna, kamfanonin sadarwa da na jiragen sama sun rungume ta domin tana aiki dare da rana, kuma tana iya kula da dubban mutane a lokaci guda. A Najeriya ma an saba da ita, tun daga irin Leo da bankin UBA ya ƙaddamar a 2018. Sai dai kowace manhaja tana da iyakar abin da ta sani da abin da aka ba ta izinin yi. Idan hira ta kai wannan iyaka, dole a miƙa ta ga ma'aikaci. Ingancin miƙawar ya rataya ne a kan abu biyu: gane lokacin da ya dace, da tura cikakken bayani tare da kwastoman, ta yadda ba zai sake ba da labarinsa daga farko ba.

Alamomin da ke sa a miƙa

Masu gina irin wannan tsari suna rubuta jerin alamomi, wanda duk ya bayyana sai manhaja ta janye. Alama ta farko ita ce kwastoma ya nemi mutum da bakinsa. Idan ya rubuta "haɗa ni da ma'aikaci", ko ya danna lambar da aka ware domin haka a waya, ba a jayayya da shi. Manhajar na iya tambayarsa sau ɗaya kan me yake kira, domin a san sashen da za a tura shi, amma maimaita masa jerin zaɓi bayan ya nemi mutum kulle ƙofa ne. Ƙa'idojin WhatsApp na kasuwanci ma sun buƙaci kamfanin da ke amfani da amsa ta atomatik ya tanadi bayyananniyar hanyar kaiwa ga mutum.

Alama ta biyu ita ce gazawar fahimta. Yawancin manhajoji suna auna kowane saƙo da makin tabbaci tsakanin 0 da 1, wanda ke nuna yadda suka gamsu cewa sun gane nufin mai rubutu. Kamfani yana saka iyaka, kuma duk saƙon da makinsa ya faɗi ƙasa da ita ana ɗaukarsa a matsayin wanda ba a gane ba. Abin da aka fi yi shi ne a roƙi kwastoma ya sake faɗa da wasu kalmomi, idan an kasa sau biyu ko uku a jere sai a miƙa. Saka iyakar yana buƙatar lura. Idan ta yi sama da yawa, ma'aikata za su cika da tambayoyin da manhaja za ta iya amsawa. Idan ta yi ƙasa da yawa, manhajar za ta riƙa amsa abin da ba a tambaye ta ba. Mai rubutu da Hausa, ko mai gauraya ta da Turanci, ya fi faɗawa wannan matsala, domin an fi horar da manhajojin da Turanci.

Alama ta uku ba ta da alaƙa da fahimta, ta shafi nauyin batun ne. Akwai maganganun da ko manhaja ta gane su sarai bai kamata ta yanke hukunci a kansu ba: zargin damfara, satar kati, rasuwar mai asusu, barazanar zuwa kotu, ko alamar cewa mutum yana cikin haɗari. Haɗarin ya ƙaru da zuwan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke iya tsara amsa mai daɗin karatu ko da ba daidai ba ce. A Fabrairun 2024 wata kotun sasanta ƙananan rigingimu a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin Air Canada ya biya wani fasinja diyya, bayan manhajar shafinsa ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin masu zuwa jana'iza. Kotun ta ce kamfanin ne ke da alhakin abin da manhajarsa ta faɗa.

Alama ta huɗu ita ce halin da kwastoma ke ciki. Maimaita saƙo ɗaya, zafafan kalamai, ko dawowa karo na biyu kan ƙorafin da bai warware ba, duk suna nuna cewa ci gaba da hira da na'ura ɓata lokaci ne. Auna fushi daga kalmomi ba shi da tabbas sosai, domin wani yana cikin tsananin damuwa amma rubutunsa cike da ladabi. Shi ya sa ƙirga dawowa ya fi zama abin dogaro.

Bayanin da ke rakiyar kwastoma

Miƙawa iri biyu ce. A ta farko ana jefa kwastoma cikin layi kawai, ma'aikaci ya ɗauka bai san komai ba, ya fara da tambayar suna da abin da ke tafe da shi. A ta biyu bayani yana riga kwastoma isa. Bambancin kamar na majinyaci ne da aka tura daga ƙaramin asibiti zuwa babba: wanda ya zo da takardar da ke nuna gwajin da aka yi masa da maganin da ya sha, likita zai ɗora daga inda aka tsaya, wanda ya zo hannu rabbana kuwa sai an sake komai.

Bayanin rakiya mai kyau yana ɗauke da abubuwa kaɗan amma tabbatattu: wane ne kwastoman da ko an tantance shi, me yake so, me aka riga aka tattara, me manhaja ta gwada kuma me ya faru, wace alama ce ta jawo miƙawar, da harshen da yake magana da shi. Ana ɗora taƙaitawa ta layi biyu ko uku a sama, cikakken rubutun hirar kuma a ƙasa. Dukansu ana buƙata. Ma'aikaci ba shi da lokacin karanta saƙo talatin kafin ya yi sallama, amma taƙaitawar da na'ura ta rubuta na iya yin kuskure, don haka dole ya iya komawa ga ainihin kalmomin kwastoma. Akwai kuma abin da ba ya tafiya ko kaɗan: lambar sirri ta kati da lambar tantancewa ta lokaci ɗaya. Lambar kati kuwa ana rufe ta, a bar huɗun ƙarshe kawai.

Misali daki-daki

A ɗauka wata 'yar kasuwa ta tura wa dillalinta naira 45,000 ranar Talata. An cire kuɗin daga asusunta, amma ba su isa ba. Ranar Juma'a da ƙarfe 9:10 na dare ta rubuta wa bankinta a WhatsApp: "An cire min kuɗi, ba su shiga ba." Manhaja ta gane batun a matsayin turawar da ta maƙale, ta tantance ta, sannan ta nemi rana, adadi da lambar shaidar turawa da ke kan rasit. Da ta duba, sai ta ga an cire kuɗin, ba a mayar ba, kuma akwai ƙorafin da matar ta shigar ranar Laraba wanda har yanzu yake buɗe.

A nan alamomi biyu sun haɗu. Mayar da kuɗi ba ya cikin ikon manhajar, kuma wannan dawowa ce ta biyu. Sai ta rubuta bayanin rakiya: an tantance kwastoma, turawar naira 45,000 ta ranar Talata, tsarin banki ya tabbatar an cire kuɗin, kwastoma ta ce mai karɓa bai samu ba, ba a tabbatar da wannan ba tukuna, akwai tsohon ƙorafi a buɗe, tana magana da Hausa. Rarrabe abin da tsari ya tabbatar da abin da kwastoma ta faɗa yana da amfani, domin shi zai nuna wa ma'aikaci cewa aikinsa na farko shi ne tuntuɓar bankin mai karɓa.

Saura tambayar ko akwai wanda zai karɓa. Idan sashen yana aiki, ana tura hirar ga ma'aikacin da ke jin Hausa kuma yake da izinin duba irin wannan turawa, a faɗa wa matar kimanin lokacin jira. Idan an tashi aiki, gaskiya ake faɗa mata: an rubuta ƙorafinta, ga lambarsa, ga ranar da za a tuntuɓe ta. Akwai wani ƙulli a nan. WhatsApp yana ba kamfani sa'o'i 24 daga saƙon kwastoma na ƙarshe domin ya amsa yadda ya ga dama. Bayan haka sai da saƙon da aka riga aka tsara kuma aka amince da shi. Idan ma'aikaci zai dawo ranar Litinin, dole a tanadi irin wannan saƙo ko a kira ta a waya, in ba haka ba hirar ta mutu.

Da ma'aikacin ya karɓa, kalamansa na farko su ne shaidar ko tsarin ya yi aiki: "Barka da war haka, Hajiya. Na ga batun naira 45,000 na ranar Talata da ƙorafin da kika shigar ranar Laraba. Yanzu zan bi sawunsu a bankin mai karɓa." Daga wannan lokaci manhaja tana yin shiru har sai ma'aikaci ya rufe batun ko ya mayar mata da hirar da gangan.

Inda abin ke lalacewa, da yadda ake ganewa

Kuskure mafi yawa shi ne miƙawa zuwa layin da babu kowa, kwastoma ya yi ta jira ba labari. Na biyu shi ne zagaye: ma'aikaci ya rufe hira da wuri, saƙon kwastoma na gaba ya sake faɗawa hannun manhaja, ta fara da gaisuwar farko. Na uku shi ne manhaja da ma'aikaci su riƙa amsawa tare, saboda ba a sauya alamar wanda ke riƙe da hirar ba. Na huɗu kuma shi ne bayanin ya iso amma a wani allo daban da wanda ma'aikaci ke aiki a kai, don haka ba ya ganinsa.

Ma'aunin da kamfanoni suka fi so shi ne kason hirarrakin da suka ƙare ba tare da mutum ba, amma yana iya yaudara, domin wanda ya gaji ya tafi ana ƙirga shi tare da wanda ya samu biyan buƙata. Kamfanin Klarna na Sweden ya sanar a 2024 cewa manhajarsa tana yin aikin da ya kai na ma'aikata 700, amma a 2025 shugabansa ya ce fifita rage kashe kuɗi ya taɓa ingancin hidima, kuma za a tabbatar kwastoma na iya samun mutum idan ya so. Ma'aunan da suka fi nuna gaskiya su ne yawan waɗanda suka dawo da ƙorafi ɗaya cikin 'yan kwanaki, yawan waɗanda suka fice suna cikin layi, da yawan hirarrakin da aka sake turawa wani sashe bayan miƙawar farko. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce a ɗebi wasu hirarraki kowane mako a karanta saƙon farko na ma'aikaci. Idan yana tambayar abin da kwastoma ya riga ya faɗa wa manhaja, to bayanin rakiya bai isa ba ko ba a karanta shi, kuma daga nan gyara zai fara.