Yadda ake tsabtace amsoshin bincike idan zaɓuɓɓuka da yawa sun cunkushe a gurbi ɗaya

A cikin fom ɗin bincike akwai irin tambayar da ake bai wa mai amsawa damar zaɓar abu fiye da ɗaya, kamar a tambayi magidanci inda iyalinsa ke samun ruwan sha, ya zaɓi rijiya da famfo gaba ɗaya. Idan aka sauke amsoshin zuwa Excel, kowane mutum yana samun layi ɗaya, kowace tambaya kuma tana samun ginshiƙi ɗaya, wato jerin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Tun da tambayar gurbi ɗaya kawai take da shi a layin kowane mutum, sai manhajar ta tura duk abin da ya zaɓa cikin wannan gurbin, ta raba su da waƙafi mai ruwa (;). Haka Microsoft Forms ke yi, har yakan ƙara wani waƙafi mai ruwa a ƙarshen zaɓin ƙarshe. Google Forms yana amfani da waƙafi zalla idan amsoshin suka shiga Google Sheets. KoboToolbox, wanda ƙungiyoyin agaji da masu binciken ƙauyuka ke yawan aiki da shi, yana raba su da tazara, kuma yana iya fitar da kowane zaɓi a ginshiƙinsa tun wurin saukewa.

Matsalar ita ce Excel yana ɗaukar duk abin da ke cikin gurbi a matsayin rubutu guda. Ga misali na gidaje takwas, inda zaɓuɓɓukan fom ɗin suke huɗu (Rijiya, Rijiyar burtsatse, Famfo, Ruwan leda), tare da filin da mutum zai rubuta wani abu dabam da hannunsa. Lambar gida tana ginshiƙin A, amsa tana B:

```
1  Rijiya;Famfo;
2  Famfo;Rijiya;
3  Rijiyar burtsatse;
4  Ruwan leda;Rijiyar burtsatse;Famfo;
5
6  Rijiya; Ruwan leda;
7  Famfo;muna saye wajen 'yan garuwa;
8  Rijiyar burtsatse;Ruwan leda;
```

Wanda ya ƙirga wannan kai tsaye da PivotTable zai samu amsoshi bakwai mabambanta, kowacce da mutum ɗaya. Gida na 1 da na 2 abu ɗaya suka zaɓa, amma da yake jerin ya bambanta, Excel ba ya ganin su ɗaya. Zaɓuɓɓuka huɗu kaɗai na iya haɗuwa ta hanyoyi 15 ko ba a kula da jeri ba, zaɓuɓɓuka goma kuwa 1,023, don haka a binciken gidaje ɗaruruwa jadawalin da zai fito ba ya karantuwa.

Kafin a taɓa komai, ana ajiye ainihin fayil ɗin yadda ya zo, a yi aiki a kan kwafinsa, kuma a tabbatar kowane layi yana da lambarsa da ba ta maimaitu ba. Wannan lambar ce za ta ba da damar komawa ga asalin amsa idan aka ga abin da bai yi daidai ba. Idan fayil ɗin CSV ne, ya fi kyau a shigo da shi ta Data sannan From Text/CSV, a zaɓi UTF-8, domin haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kan lalace idan aka buɗe shi da dannawa kawai. Masu aiki da kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba a Maraɗi da Damagaram, suna da ƙarin abin lura. A wannan saitin waƙafi mai ruwa ne yake raba ginshiƙai a fayil ɗin CSV, saboda haka amsa ɗaya na iya tarwatsewa ta shiga ginshiƙan wasu tambayoyi. Alamar hakan ita ce a ga sunan wani zaɓi ya faɗa ƙarƙashin tambayar shekaru ko ta unguwa. Nan ma shigo da fayil ɗin ta wancan allon, inda mutum ke zaɓar alamar rabawa da kansa, shi ne magani.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne Text to Columns, wanda ke yanka gurbin a duk inda ya ga waƙafi mai ruwa. Yana yankawa daidai, amma bai warware komai ba. Famfo zai fito a ginshiƙi na biyu ga gida na 1, a na farko ga gida na 2, a na uku ga gida na 4. Ƙari a kan haka, idan babu ginshiƙai marasa komai a hannun dama, zai rubuta a kan amsoshin tambayoyin da ke biye. TEXTSPLIT da ke cikin sababbin nau'o'in Excel ma yana barin zaɓi ɗaya a ginshiƙai daban-daban.

Tsarin da ya fi amfani shi ne a bai wa kowane zaɓi ginshiƙinsa, a sa 1 idan gidan ya zaɓe shi, 0 idan bai zaɓa ba. Sai dai a nan ne kuskuren da ya fi haɗari yake, domin ba ya nuna kansa. Mai sauri zai rubuta:

```
=COUNTIF(B2:B9,"*Rijiya*")
```

Wannan zai ba da 6, alhali gidaje uku ne kawai suka zaɓi Rijiya. Sauran ukun masu rijiyar burtsatse ne, an ƙirga su saboda haruffan "Rijiya" suna cikin "Rijiyar burtsatse". Fomular ba ta yi kuka ba, lambar kuma ta yi kama da gaskiya, sai rahoto ya fita yana cewa kusan kowa daga rijiya yake sha. A binciken ruwan sha wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da buɗaɗɗiyar rijiya da burtsatse ba ɗaya suke ba wajen tsabta, kuma da irin wannan lambar ake yanke shawarar inda za a kai aiki.

Maganin shi ne a nemi zaɓin tare da waƙafi mai ruwa a gabansa da bayansa, wato a nemi ;Rijiya; cikakkiya. Domin hakan ya yiwu, sai an fara gyara rubutun a ginshiƙin C, a kewaye shi da alamar a farko da ƙarshe, a kuma cire tazarar da ta maƙale bayan alamar, irin wadda ke cikin amsar gida na 6:

```
=";"&SUBSTITUTE(TRIM(SUBSTITUTE(B2,CHAR(160)," ")),"; ",";")&";"
```

TRIM yana share tazarar gefe da wadda ta ninku. CHAR(160) kuwa wata tazara ce da ido ba ya bambanta ta da ta yau da kullum, tana zuwa ne daga rubutun da aka kwafo daga shafukan intanet, kuma TRIM ba ya taɓa ta, shi ya sa ake fara mayar da ita tazara ta gama-gari. Bayan haka ana rubuta sunayen zaɓuɓɓukan huɗu a D1 zuwa G1, harafi da harafi yadda suke a fom, a sa wannan a D2, a ja shi dama da ƙasa:

```
=IF($B2="","",IF(ISNUMBER(SEARCH(";"&D$1&";",$C2)),1,0))
```

A Excel na Faransanci sunayen sun zama SI, ESTNUM da CHERCHE, kuma waƙafi mai ruwa ne ke raba sassan fomular a maimakon waƙafi.

Kashin farko na fomular yana da muhimmanci. Gida na 5 bai amsa tambayar ba, don haka an bar gurabensa babu komai. Da an sa masa 0 a ko'ina, da an ce ba ya shan ruwan rijiya, ba ya shan na famfo, ba ya shan na leda, alhali abin da aka sani kawai shi ne bai faɗi komai ba. Rashin amsa daban, amsar a'a daban. Da wannan tsarin jimillar ta fito haka: Rijiya 3, Rijiyar burtsatse 3, Famfo 4, Ruwan leda 3.

Sauran aiki shi ne a tabbatar babu abin da ya zube a hanya. Tun da kowane zaɓi yana da waƙafi mai ruwa a bayansa, ƙirga alamomin daidai yake da ƙirga zaɓuɓɓukan. A H2:

```
=LEN(B2)-LEN(SUBSTITUTE(B2,";",""))-SUM(D2:G2)
```

Inda komai ya shiga mazauninsa, sakamakon 0 ne. A wannan misalin layin gida na 7 kaɗai zai nuna 1, domin yana da amsoshi biyu amma Famfo kawai aka kama. Abin da ya rage shi ne maganar 'yan garuwa da ya rubuta da hannunsa. Idan manhajar ba ta sa alama a ƙarshe, sai a ƙara 1 ga kowane gurbi mai amsa. Idan kuma aka ga ginshiƙi guda ya cika da 0 yayin da layuka da yawa ke nuna saura, galibi sunan da aka rubuta a sama ne bai yi daidai da na fom ba, ko an sauya sunan zaɓin ana tsakiyar bincike, tsofaffin amsoshi suka zauna da tsohon suna.

Amsoshin da aka rubuta da hannu fomula ba ta iya yi musu hukunci, sai mutum ya zauna ya karanta. Wani zai rubuta 'yan garuwa, wani yan garuwa, wani mai ruwa, kuma duk abu ɗaya suke nufi. Wani zai rubuta "borehole" a filin, alhali zaɓin burtsatse yana nan a fom, sai a mayar da shi can. Wani ma zai sa waƙafi mai ruwa a tsakiyar jimlarsa, ƙirgar ta ɗauka amsa biyu ce. Ana tace layukan da H bai zama 0 ba, a karanta su ɗaya bayan ɗaya, a buɗe sabon ginshiƙi ga amsar da ta yawaita, sannan a rubuta a wani shafi dabam wace amsa aka kai ina. Ba tare da wannan rubutun ba, wanda zai duba aikin daga baya ba shi da hanyar sanin yadda lambobin suka samu.

Idan zaɓuɓɓukan sun kai ashirin ko talatin, ko kuma sababbin amsoshi na shigowa kowane mako, Power Query ya fi sauƙi. Ana zaɓar ginshiƙin, a danna Split Column, By Delimiter, a zaɓi Semicolon, sannan a ƙarƙashin Advanced options a zaɓi Rows. Kowane zaɓi zai samu layinsa tare da lambar gidan, wato gida na 4 zai zama layi uku, da na huɗu marar komai wanda alamar ƙarshe ta haifar, shi kuma sai an tace shi. Matakan suna ajiyuwa, Refresh zai maimaita su a kan sababbin amsoshi. Abin kiyayewa shi ne yanzu yawan layuka ba yawan gidaje ba ne. Duk wanda ya tara yawan iyali ko kuɗin shiga a wannan jadawalin zai ƙirga gida na 4 sau uku.

Wajen fitar da kashi cikin ɗari, lamba ɗaya na iya ba da amsa uku. Gidaje huɗu masu famfo kashi 50 ne na gidaje takwas da aka ziyarta, kusan kashi 57 na bakwai da suka amsa, kuma kusan kashi 29 na zaɓuɓɓuka 14 da aka yi gaba ɗaya. Wadda aka fi buƙata ita ce ta tsakiya, domin tambayar a kan gidaje take. Idan aka yi haka, jimillar kason za ta wuce 100, a wannan misalin 200 ce, tun da a matsakaici kowane gida ya zaɓi abu biyu. Wannan ba kuskure ba ne, amma yana nufin zanen da'ira da ake yankawa kashi-kashi bai dace da irin wannan tambayar ba, zanen sanduna ne ya dace. A ƙarƙashin jadawalin kuma dole a rubuta adadin waɗanda suka amsa tambayar, da adadin waɗanda suka tsallake ta, da bayanin cewa an yarda mutum ya zaɓi fiye da ɗaya.