Abin da Inshorar Lafiya Ke Ci Daga Albashi a Zahiri

Tun watan Mayun 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, inshorar lafiya ta zama tilas a Najeriya. Hukumar ce ta gaji tsohon shirin NHIS da ya fara aiki a 2005. Ma'aikata da yawa idan aka tambaye su nawa inshorar ke ci masu, sai su duba takardar albashi su nuna ɗan abin da aka cire. Wannan kuɗin kuwa ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyin da aljihun ma'aikaci ke zuba, kuma sau da yawa shi ne mafi sauƙi.

Bari mu fara da shi. A tsarin ma'aikata na hukumar, mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5. Tushen albashi shi ne albashi tsurarsa, kafin a ɗora alawus na haya da sufuri da sauransu. Ma'aikatan gwamnatin tarayya, da ake biyan su dunƙulallen albashi, nasu lissafin daban ne: kashi 3.25 daga gwamnati, kashi 1.75 daga ma'aikaci. Da wannan kuɗin ake ɗaukar nauyin ma'aikaci da matarsa ɗaya, ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. A gidajenmu wannan ƙa'ida ba ƙaramar magana ba ce. Mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga kuma tsohuwa a gida, sai dai ya yi wa sauran rajista ya biya ƙarin kuɗi, ko kuma ya riƙa biyan kuɗin asibitinsu gaba ɗaya duk ranar da ciwo ya zo.

Hanya ta biyu tana bakin tagar ɗakin magani. Ganin likita ba a biya, amma duk maganin da aka rubuta, mai inshora zai biya kashi 10 na farashinsa nan take. An sa wannan kaso ne don kada mutane su riƙa kwasar magani ba gaira ba dalili, kuma ga wanda zazzaɓi ya kama sau biyu a shekara, abin bai taka kara ya karya ba. Ga mai hawan jini ko ciwon suga kuwa, wanda shan magani ya zame masa na kullum, wani cirewa ne na wata-wata da ba ya fitowa a takardar albashi. Akwai kuma manyan gwaje-gwaje, irin su hoton MRI, da ake raba kuɗinsu biyu, inshora rabi, majiyyaci rabi.

Mu ƙaddara wani akawu ne a wani kamfani, albashinsa Naira 150,000 a wata, tushen albashin kuma Naira 60,000. Ana cire masa Naira 3,000 duk wata, wato Naira 36,000 a shekara, kashi 2 kacal na dukan abin da yake samu. Matarsa tana da hawan jini, maganinta na wata Naira 20,000 ne, don haka shi Naira 2,000 zai biya. Wata takwas abin ya tafi daidai, ya biya Naira 16,000.

A sauran wata huɗun ne aka samu matsala. Ya bi layi, ya miƙa takarda, mai ba da magani ya duba ya ja layi da biro a kan sunan maganin, ya ce babu, a je waje a saya. A kyamis ɗin da ke tsallaken titi babu ruwan kowa da katin inshora, Naira 20,000 ɗin nan cif zai ƙirga. Sau huɗu, Naira 80,000 ke nan. Daga baya ciwon kai ya matsa wa matar, likita ya ce a yi hoton ƙwaƙwalwa na Naira 100,000, ya biya rabi.

In aka haɗa duka, shekarar ta ci masa Naira 182,000. Wannan ya fi albashinsa na wata guda, kuma kashi 10 ne na abin da ya samu a shekara, ninki biyar na abin da takardar albashi ta nuna. Duk da haka bai yi asara ba, domin da babu inshorar da magani da hoton kaɗai sun ci Naira 340,000, ban da kuɗin kati da ganin likita. Abin lura shi ne kaso mafi tsoka a cikin lissafin, wato Naira 80,000 ɗin kyamis, kuɗi ne da bai kamata ya biya ba tun farko. Asibitoci kan ce farashin da hukuma ta yanka bai kai na kasuwa ba, ko kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO, ya jinkirta biyansu. Ko ma laifin wane ne, a kan ma'aikaci yake ƙarewa. Mai hikima yakan nemi a rubuta masa shaidar cewa babu maganin, ya ajiye rasit, ya kai ƙorafi ga HMO ɗinsa ko ofishin hukumar na jiha.

A ganina inda tsarin ya fi rashin adalci shi ne nan: abin da ake cirewa yana bin girman albashi, amma abin da ake biya a asibiti farashin magani yake bi, magani kuwa bai san matakin albashi ba. A ɗora irin wannan shekara a kan masinja mai mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Cirewarsa ƙarama ce, amma kuɗin asibiti ɗaya ne da na akawu, sai ka ga kusan kashi ɗaya cikin biyar na samunsa ya tafi. Manaja mai Naira 600,000 kuwa, ko da an fi cire masa da yawa, kashi 4 ne kawai zai ji a jikinsa.

Saura hanya ta uku, wadda aka fi gani a inshorar kamfanoni masu zaman kansu da ta ƙasashen waje: kuɗin farko da ke wuyan mai inshora kafin kamfani ya sa hannu a aljihu. Idan an yanka Naira 50,000, aka kawo takardar asibiti ta Naira 40,000, kai za ka biya duka. Idan ta Naira 300,000 ce, ka biya 50,000, su biya sauran. A ƙasar Holan doka ce ta ɗora wa kowane baligi irin wannan kaso, Yuro 385 a shekara. Kamfani kan rage kuɗin wata ga wanda ya yarda a ɗaga masa wannan kaso, abin da ke da riba ga matashi mai ƙoshin lafiya da ɗan ajiya a banki, amma tarko ne ga mai ciwon da ba ya rabuwa da asibiti. Kafin a sa hannu sai a tambaya: sau ɗaya ake biyansa a shekara, ko duk zuwa asibiti? Kan kowane mutum ne, ko na iyali gaba ɗaya? A kuma tambayi iyakar abin da kamfanin zai kashe wa mutum a shekara, domin yawancin tsare-tsaren HMO na nan gida da wannan iyaka suke aiki, kuma tiyata guda tana iya cinye ta, ragowar kuɗin ya dawo kan albashi.